Yadda za a tara kuɗin kaya iri ɗaya kaɗai da SUMIF

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ina da shagon kayan masarufi, kuma a Excel nake rubuta ciniki: sunan kaya a ginshiƙin B, kuɗi a ginshiƙin C. Yaya zan san kuɗin shinkafa kaɗai ba tare da na bi layi-layi da kalkuleta ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. SUMIF abu uku yake so a gaya masa, a jere: inda zai duba, abin da zai nema, sai inda zai ɗauko kuɗin.

A ce layi na 2 zuwa na 6 haka suke: shinkafa 18,000, mai 7,500, shinkafa 36,000, sukari 9,000, shinkafa 18,000. Ki shiga wani akwatin da babu komai a cikinsa ki rubuta:

```
=SUMIF(B2:B6,"Shinkafa",C2:C6)
```

Zai ba ki 72,000. Bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba. Amma ki lura, B da C su fara daga layi ɗaya. In kika sa B2 a nan, C3 a can, zai ɗauko kuɗin layin da ke ƙasa, kuma ba zai ce miki uffan ba.

Wannan shirun nasa ne abin tsoro. A ce yaron shagonki, da ya rubuta shinkafar ƙarshe, hannunsa ya taɓa madannin tazara bayan kalmar. Ido ba ya ganin komai, amma a wurin Excel wata kalma ce daban, sai ya tsallake layin ya kawo 54,000. Kafin ki zargi yaron da cin kuɗi (na ga an yi rigima kan ƙasa da haka), ki ƙirga layukan da fomular ta gani:

```
=COUNTIF(B2:B6,"Shinkafa")
```

Idan ta ce 2 alhali idonki na ganin uku, to akwai sunan da ke da aibu. Wasu kan sa `"Shinkafa*"` su huta, domin tauraron na nufin duk abin da ya biyo baya. Yana aiki, sai dai zai haɗo har da "Shinkafar gida" in kina sayar da ita. Ni na fi son a koma a gyara sunan.

Haka ma ɓangaren kuɗi. Wanda ya rubuta N18,000 da harafi a gaba ya mai da shi rubutu, SUMIF kuwa lamba kawai yake tarawa. Alamarsa ita ce za ki gan shi maƙale a hagun akwati, sauran lambobi na dama. Ki cire harafin.

Makarantanmu na Nijar da Excel ɗinsu ke Faransanci, sunansa a wurinku `SOMME.SI`, kuma da `;` ake raba sassan uku maimakon waƙafi.