Layin kalsayit ya goce zuwa 29.6°

"Na saka garin dutsen farar ƙasa a na'urar XRD mai gano ma'adinai da hasken X-ray, babban layi ya fito a 29.6° maimakon 29.4° na kalsayit, ga kuma wani ƙarami a 26.8°. Wani ma'adini ne daban?"

Malam, ina kyautata zaton kalsayit ɗin ne, kuma wancan ƙaramin layi shi ne shaidarka. Kwaz ne, wato yashi, wanda da bututun X-ray na jan ƙarfe mazauninsa 26.6° ne. Ka ga shi ma ya matsa da 0.2°. Kwaz kuwa ba ya cika karɓar baƙin sinadari a jikinsa, don haka idan ya goce, zubin garin ake fara tuhuma. Galibi gari ne ya yi tozo ya haura bakin faranti. Ka ƙara niƙa shi, ka daidaita samansa da gilashi, ka sake gwadawa.

Da a ce kwaz na nan daram, kalsayit kaɗai ya matsa, sai mu ce magniziyam ya shiga gurbin kalsiyam. Magniziyam ya fi kalsiyam ƙanƙanta, sai tazarar d da ke tsakanin jerin atom ta ragu daga 3.035 Å, kusurwar 2θ da layin ke fitowa ta ƙaru bisa λ = 2d sinθ, ta nufi wajen 30.9° na dolomayit.

Kada dai layi ɗaya ya ishe ka, nemi sauran layukan kalsayit a 39.4° da 43.2° ma.