Ragiletar sola da fankar silin: kada ka haɗa su a kanta ɗaya

*Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan sola a Sabon Gari, Kano. Na saro ƙananan ragiletoci guda 200, kowacce naira 2,500, an rubuta musu PWM DC 12V-40V 10A. Ina sayarwa 3,500 amma ba sa tafiya da sauri. Mutane da yawa na tambaya ko za su yi a fankar silin da ƙwan wutar NEPA. In sayar musu?*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayar musu ko guda ɗaya don wannan aikin, ko da mai saye ya ce ya ji ya gani. Bari in faɗa maka dalili, sannan mu duba inda kuɗinka zai fito.

Abin da ke cikin ragiletar nan makunni ne kawai, amma mai tsananin sauri. Taransisto ce da masu gyara ke kira mosfet, tana buɗe wutar batir tana rufewa sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa guda. Idan ka murɗa kan zuwa tsakiya, rabin lokaci wutar na kunne, rabi tana kashe, sai injin fanka ya ji kamar bolt 6 ake ba shi daga batir mai 12. Ido ba ya iya bin wannan ƙiftawa, shi ya sa fitila take bayyana kamar ta dusashe. Dabarar tana aiki ne saboda wutar batir hanya ɗaya take bi, kuma ƙarfinta kaɗan ne.

Wutar NEPA ba haka take ba. Bolt 230 ake kiranta, amma a ƙololuwar kowane zagaye tana kaiwa wajen 325, kuma tana zagaye 50 a daƙiƙa, wato tana juya alkibla sau 100. Taransiston da ake sawa a irin waɗannan alluna galibi iyakarta bolt 55 ko 60, kafasitan kuma 50. Da an jona, kafasita zai fashe, taransisto ta ƙone ta zama kamar waya miƙaƙƙiya. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne babu wani shinge tsakanin allon da hannun mai murɗawa, ba a ƙera shi don wutar da ke kisa ba. Ribarka a guda ɗaya naira 1,000 ce. Kwastoma ɗaya ya dawo da ƙonanniyar fanka ya cinye ribar gomiya, idan kuwa yaro ne wuta ta ja, babu lissafin da zai biya. Wutar inbata da ta janareta duk hukuncinsu ɗaya da ta NEPA a nan.

Kayanka suna da kasuwa, wurin da kake nemanta ne ba daidai ba. Masu sayen fitilar zare mai bolt 12, irin wadda ake mannawa a kanta da shagon aski da wurin mai shayi, su ne mutanenka. Ɗauki zaren da ke cin wat 14.4 a kowace mita. Mita 5 wat 72 ke nan, ka raba da 12, amfiya 6. Batir mai 100Ah na ruwa, wanda bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba, zai riƙe ta awa 8 da 'yan mintuna. Idan aka murɗa ragileta zuwa rabi, matsakaicin abin da take ja ya koma kusan amfiya 3, batirin ya kai wajen awa 16. Wannan ita ce maganar da za ka faɗa wa mai saye, domin batir ne abin da yake tsoron ya mutu masa. Ka jona guda ɗaya a shago da zaren fitila da mitar auna amfiya, ya gani da idonsa lambar tana sauka.

Sai dai ka kula da abu guda a lissafin nan. A duk lokacin da makunnin ya buɗe, cikakkiyar amfiya 6 ce ke wucewa, don haka waya da fis sai an auna su da 6, ba da 3 ba. Kuma 10A da aka rubuta a jiki, ni ba na yarda da ita gaba ɗaya a ƙananan allunan nan masu ɗan guntun ƙarfen sanyaya, balle a zafin Afrilu na Kano. Ka ce wa mutane kada su wuce 6 ko 7. Ka gwada da kanka: ɗora mata amfiya 6 na rabin awa, idan yatsa ba ya iya zama a kan ƙarfen, ka rage adadin da kake faɗa.

A fankar batir kuma sai ka san wace iri ce. Mai injin burushi, mai waya biyu, tana karɓar wannan ragileta lafiya. Za ta iya yin ɗan siririn kuka idan saurin ƙiftawar allon bai kai sau 20,000 a daƙiƙa ba, domin kunne na jin abin da ke ƙasa da haka. Idan aka rage ta sosai, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ƙasa, tana iya ƙin tashi alhali wuta na shiga kwayil tana dumama shi, don haka a tayar da ita da ƙarfi sannan a rage. Fankar da ta zo da rimot ko aka rubuta mata BLDC tana da nata allon a ciki. Idan ka datsa wutar da ke ciyar da allon, sai ta riƙa fizga, ta tsaya, ta sake tashi. Wannan a bar ta da rimot ɗinta.

Su kuwa masu tambayar fankar silin, kada ka sallame su hannu wofi, tambayarsu ta nuna maka hajar da ba ka da ita. Ragiletar wutar gida iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai tirayak, wadda ke murɗawa sumul babu mataki. Ita tana jira ne kowane rabin zagaye ya ɗan yi nisa kafin ta saki wuta, tana yanke masa kai. Tana da arha, amma yankan nan yana sa fanka gurnani a ƙaramin gudu, injin ya yi zafi, abin ya fi muni a inbatar da wutarta ba tsaftatacciya ba ce. Akwai kuma mai kafasita, mai mataki 4 ko 5, wadda ba ta yanka zagayen, fanka na tafiya shiru. Ita nake ba ka shawarar ka saro, ko da dozin biyu ne don gwaji.

Ƙwan LED na wutar gida yana da ɗan allo a gindinsa wanda ke daidaita masa wuta, kuma yawancin waɗanda ke kasuwarmu ba a yi su don dusashewa ba. Idan aka sa musu dima, wato ragiletar rage haske, sai su yi ta ƙyafta ido, ko su yi ƙara, ko su mutu da wuri. Sai wanda aka rubuta Dimmable a kwalinsa. Firiji, injin jan ruwa da cajar waya kuwa babu dimar da ta dace da su.

Ka sa a buga maka 'yar takarda da Hausa, "ta batir ce kawai, bolt 12 zuwa 24", ka manna a kowacce cikin ɗari biyun, ka kuma rubuta haka a rasit. Sannan ka ɗaure ragileta ɗaya da zaren mita 5 da fis mai amfiya 10 a leda ɗaya, ka sa musu farashi guda.