Ɗan sari ya taya kwalba riyal 28: in sayar ko in ƙi?

Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa turaren wuta a Jidda, ina sayar da kwalba 500 a wata, kowace riyal 40. Kayan haɗi da kwalba suna cin riyal 20, hayar wuri da albashin yara biyu da wuta kuma riyal 8,000 a wata. Wani ɗan sari daga Makka yana son kwalba 300 duk wata a kan riyal 28. Yayana ya ce faɗuwa ce. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Kafin mu je ga ɗan sari, mu fara gyara riyal 20 ɗin nan, don ina ganin bai cika ba. Mai turaren wuta ta san akwai tukunyar da sukari ke kamawa ya ƙone, akwai kwalbar da ke fashewa a kwali. Mu ƙaddara a cikin kowace kwalba ɗari, guda biyar ne ke lalacewa: kuɗin da aka kashe wa ɗari, 95 ne za su biya shi, kowace lafiyayyar kwalba ta tashi kusan riyal 21. Ki ɗora riyal ɗaya na leda da kai kaya da abin da injin kati ke cira. Ya zama 22. Wannan shi ne kuɗin da ke bin kwalba: kin yi kwalba kin kashe shi, ba ki yi ba yana aljihunki.

In kin cire 22 daga 40, saura 18. Kada ki kira wannan 18 riba, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Rarar kwalba ce, gudummawar da kowace kwalba ke kawowa don a biya haya da albashi, waɗanda ba ruwansu da an yi ciniki ko ba a yi ba. Sai an gama biyan su kaf sannan riba take farawa.

A cikin 8,000 ɗinki ban ga ladanki ba. Ke ce mai jiƙa itace, mai tsayawa kan wuta, mai amsa waya. Da za ki ɗauko wata ta yi wannan aikin, sai kin biya ta. Na sa miki 2,800 don lissafi ya fito, ki canza shi da abin da kika ga ya dace. Kuɗin dole na wata ya zama 10,800. Ki raba shi da 18, za ki sami 600. Kwalba 600 ke nan za ki sayar kafin a ce ba riba ba faɗuwa. A kan 500 rararki 9,000 ce, kina da giɓin 1,800 duk wata. Dubu ɗayan da kike gani yana saura bayan kin sallami kowa, guntun ladanki ne, kasuwar ba ta kawo komai ba tukuna.

Yayanki bai yi magana a banza ba. Ya raba kuɗin dole a kan kwalabe, ya ga kowace ta tasar miki kusan riyal 36, shi ya sa 28 ta yi masa kama da asara. Amma haya tana nan daram ko kin karɓi cinikin ko kin ƙi. Abin tambaya shi ne nawa kwalba 300 ɗin za su ƙara miki a kan abin da kike samu yanzu. In shi zai zo ya ɗauki kayansa ya biya kuɗi hannu, riyal ɗayan kai kaya ya fita, kwalba ta tsaya miki 21, rara riyal 7. Sau 300, riyal 2,100. Ki haɗa da 9,000, kin sami 11,100, kin haye 10,800 da ɗari uku. A takarda cinikin ya cike miki giɓi.

Sai dai rarar riyal 7 siririya ce, abu kaɗan ke tsinka ta. Na farko, hannu. In yaranki biyu za su iya fitar da kwalba 800 a lokacin aikinsu, madalla. In kuwa sai kin ɗauki na uku a kan riyal 2,000, to ɗari ɗaya kacal za ta rage miki, kin ƙara wahala a banza. Ki auna da kanki: tukunya nawa ake saukewa a yini, kwalba nawa kowace ke cikawa.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Makka da Jidda tafiyar kusan awa ɗaya ce. Wanda ya saya 28 zai iya sayarwa 34 ya ci riba, kuma turarenki ne da sunanki a jiki. Duk mai sayen da ta bar ki ta koma wurinsa, 18 kika rasa. Kwalba 117 kawai in suka zame ta haka, 2,100 ɗin ta tafi gaba ɗaya. Alamar da za ki gane ita ce masu sayenki na kullum su fara cewa sun gani da araha a wani wuri. Saboda haka in za ki ba shi, ki canza girman kwalba ko ki cire takardar sunanki ya sa tasa, ku kuma rubuta cewa ba zai kawo kayan Jidda ba. Kar ki ba shi bashi mai tsawo. Kayan kwalba 300 riyal 6,300 ne daga jarinki, in ya riƙe wata biyu kin daskarar da 12,600.

Ni da za ki ji tawa, ki mayar masa da 31. Rara ta zama 10, wata ya kawo 3,000. In ya ƙi, kada ki sauka ƙasa da 28, kuma ku fara da gwajin wata uku.

Akwai kuma batun dariba, wato harajin VAT da ake ɗorawa kan kayan sayarwa a Saudiyya. Harajin nan kashi 15 ne cikin ɗari tun Yulin 2020, rajista kuma tana wajaba in cinikin shekara ya wuce riyal 375,000. Yanzu kina 240,000. Da ɗan sari za ki kai 340,800, azumi da aikin Hajji kuma na iya tura ki ki haye. Ranar da kika shiga, in kin bar 40 a matsayin farashi har da haraji, riyal 34 da halala 78 ne naki. Za a cire miki harajin da kika biya a kan kayan haɗi in kina da rasit na haraji, amma lissafin rara sai an sake shi daga tushe. Ki fara adana rasit tun yanzu.

Hanyar da ban ji kin ambata ba ita ce farashinki na 40. In kin kai shi 44, rara ta zama 22, kwalba 491 sun ishe ki mayar da kuɗin dole. Ko kwalba 90 kika rasa saboda ƙarin, kina nan inda kike yau, da ƙarancin aiki. Ragi kuwa akasin haka yake yi: ki sauko 36, rara ta koma 14, sai kin sayar da 772 kafin ki fita. Ragin kashi goma a farashi ya cinye fiye da kashi ashirin na rararki. Ki gwada 44 a kan haɗin da aka fi nema, wata ɗaya, a lokacin da ba na azumi ba don kada cunkoson kasuwa ya ruɗe ki. Ki rubuta kwalaben da suka fita kowane mako, ki ninka da 22, ki gwama da abin da haɗin ke kawowa a da a kan 18.