Zobe da Sandar Bishop

"Kawu, malaminmu na tarihi ya ce Paparoma da sarakunan Jamus sun kusa shekara hamsin suna rigima a kan zobe da sanda. Wace irin al'ada ce wannan?"

Ɗana, bishop na wancan zamani ba limamin coci kaɗai ba ne. Yana da gonaki da garuruwa, yana karɓar haraji, in yaƙi ya tashi ya tura wa sarki mayaƙa. Ga shi ba ya barin magaji, sai ya zama duk ranar da ya mutu kujerar ta dawo hannun sarki, ya ɗora wanda ya yarda da shi. Wajen naɗin, sarki da kansa ke miƙa masa zobe da sanda, kamar yadda ake naɗa wa hakimi rawani a fada.

To, a nan gizo ke saƙar. Zoben nan alamar ɗaurin bishop da cocinsa ne, sandar kuma ta kiwon mabiya ce. Mutanen coci suka ce ina ruwan hannun da ke riƙe takobi da kayan ibada? Balle kujerar ta zama abin saye da kuɗi.

Wutar ta tashi ne a kan birnin Milan. A 1075 Sarkin Jamus Henry na Huɗu ya naɗa nasa mutumin bishop a can, Paparoma Gregory na Bakwai ya gargaɗe shi. A 1076 Henry ya tara bishop-bishop ɗinsa a garin Worms na Jamus suka ce sun tuɓe Paparoma. Gregory ya kore shi daga coci, ya kuma warware wa talakawa da hakimai rantsuwar biyayya gare shi. Wannan na biyun ne ya karya Henry, don manyan Jamus dama hanya suke nema. A Janairun 1077 ya je Canossa, wata fada a arewacin Italiya inda Paparoma ya sauka, ya yi kwana uku yana tsayuwa a ƙofa cikin ƙanƙara, sannan aka yafe masa. Ana cewa ya wulaƙanta. Ni ina ganin wayo ya yi, don a 1084 ya shiga Roma da yaƙi, Gregory kuwa a gudun hijira ya rasu a Salerno, 1085.

Sai a 1122, a Worms ɗin dai, ɗan Henry na Huɗu, wato Henry na Biyar, da Paparoma Calixtus na Biyu suka sasanta. Malaman coci su zaɓa, coci ta ba da zobe da sanda, sarki kuma ya ba da ƙasa da hukunci ta hanyar sandar mulki. Amma lura da jerin. A Jamus a gaban sarki ake zaɓen, kuma shi ke fara bayarwa kafin a keɓe bishop, wato coci ta yi masa naɗin ibada, don haka wanda bai so ba da wuya ya hau. A Italiya da Burgundy kuwa sai an keɓe tukuna, sarki ya biyo baya cikin wata shida, lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.