Yaushe zan faɗa wa yayana da ƙawayena cewa na samu manemi?

Tambaya: Malam, shekarata 24, mahaifinmu ya rasu, ina zaune da mahaifiyata da yayana. Wata biyu ke nan da wani ya fara nemana, muna magana ta waya. Ya ce kada in faɗa wa kowa tukuna sai ya shirya, saboda baki da hassada, kuma wai hadisi ya ce a ɓoye neman aure. Yaushe ya dace in gabatar da shi ga yayana da ƙawayena?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya jiƙan mahaifinku. 'Yata, kin haɗa yayanki da ƙawayenki a tambaya ɗaya, alhali hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Abin da ya raba su shi ne maganar da kika ambata a gurguje, wato rasuwar mahaifinku. A mazhabar Malikiyya, idan mace ba ta da ɗa, uba ya rasu kuma bai bar wasiyyi a kan aurenta ba, ɗan'uwanta shaƙiƙi ko wanda suke uba ɗaya shi ne waliyyinta, yana gaban kaka da baffa, ko da a al'ada baffa ake miƙa wa ɗaurin auren don girmamawa. To yayanki ba ɗan kallo ba ne da za a zaɓar masa ranar jin labari. Lokacinsa shi ne ranar da mutumin ya furta kalmar aure, kuma wannan rana ta riga ta wuce. Ki faɗa wa mahaifiyarki cikin makon nan, ita ta isar wa yayanki idan kina jin nauyinsa.

Sai hujjar da ya kawo miki, wadda ta yaɗu a bakin samari. Ruwayar da ke cewa a bayyana aure a ɓoye nema mai rauni ce, ba a gina hukunci a kanta. Ɗayar da ke cewa a nemi taimakon biyan buƙata da ɓoyewa, malamai sun yi saɓani a kanta: Albani ya inganta ta, Ibnul Jauzi kuwa ya sa ta cikin hadisan ƙarya. Mu ƙaddara ta inganta. Daga wa ake ɓoyewar? Daga mai hassada, kamar yadda ƙarshen ruwayar ya nuna. Ba wanda ya fahimci cewa a ɓoye wa waliyyi, mutumin da auren ba ya ƙulluwa sai da shi. Wasu kuma suna kafa hujja da Annabi Yaƙub, da ya hana Annabi Yusuf faɗa wa 'yan'uwansa mafarkinsa. Ai Yusuf mahaifinsa ya fara faɗa wa, kuma Yaƙub ya hana ne don ya san abin da ke zukatan waɗancan 'yan'uwa. Ke ba ki ambaci wata ƙiyayya daga yayanki ba. Ga kuma Faɗimatu bintu Ƙais, a hadisin Muslim: Mu'awiya da Abu Jahm suka neme ta, ta kai sunayensu ga Manzon Allah (SAW) tun ba ta amsa wa kowa ba, ya faɗa mata aibin kowannensu, ya nuna mata Usama. Da ta yi shiru, wa zai gaya mata?

Ba na yanke wa mutumin nan hukuncin mayaudari, ƙila tsoron a ce ya fito ne alhali bai tara komai ba. Amma gaisuwa ba ta buƙatar lefe. Ki ce masa ya zo ya gaida yayanki, ya faɗi unguwarsu da sana'arsa da wanda zai tsaya masa. Idan ya ci gaba da ja da baya, ki dakatar da hirar.

Ƙawaye kuwa, faɗa musu halal ne, jinkirtawa ya fi. Ki zaɓi guda mai addini da riƙon sirri don shawara, sauran su jira har manyansa su zo gaisuwa a amsa musu. Idan maganar auren ta rushe kafin nan, ba sai kin yi wa kowa bayani ba. Kada ki ba su lambarsa, kada ki ɗora hotonsa a waya, kuma kada ki mai da ƙawa 'yar aike tsakaninku.

Keɓewa da shi haramun ce, wannan kin sani. Hirar dare ta waya ma ki rage ta, domin ita ke sa zuciya ta riga bincike. Ki yi istihara, kuma ku yi gwajin jini na sikila da sauran cututtuka tun yanzu, kafin a sa rana magana ta yi wuyar warwarewa.

Wallahu a'alam.