Na gane lanƙwasar oksijin da daren jarrabawa, amma 98% na nufin lafiya lau?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗalibar nas ce, aji biyu. Akwai wani silayid na lanƙwasar oksijin da himoglobin, mai kama da harafin S, da na yi wata guda ina haddace shi ban gane komai ba. Daren jarrabawa, wajen ƙarfe biyu, ba wuta, ina haska takarda da wayata, sai na zana shi da hannuna, na ga ashe saman nan mai faɗi huhu ne, gangaren kuma tsoka. Har ihu na yi, na tashi 'yar ɗakinmu. Na ci jarrabawar. Yanzu za mu shiga asibiti, tsoro nake ji: in dai oksimita, na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, ta nuna 90 zuwa sama, ba shi ke nan mara lafiya yana da isasshen oksijin ba?

Amsa: 'Yata, abin da kika gano daidai ne, amma rabin silayid ɗin ne. Ɗaya rabin shi ne wanda ake rasa rai a kansa.

Ɗauko zanen naki ki sa masa ɗigo huɗu. A matsin oksijin, PO2, na 100 mmHg, wato jinin da ya baro huhu, cikar himoglobin tana wajen 98%. A 60 tana wajen 90%. A 40, jinin da ke komawa zuciya ke nan idan mutum yana hutawa, 75% ce. A wajen 27 kuma rabi ce cif, shi ne P50 ɗin da kuka haddace. To duba tazarar da ke tsakani. Daga 100 zuwa 60 matsin ya sauka da 40, amma ɗigo takwas kawai aka rasa. Daga 60 zuwa 40 ya sauka da 20, an rasa goma sha biyar. Saboda haka mai 90% yana tsaye ne daidai bakin gangaren, taku ɗaya ya rage masa. Ki haɗa da cewa na'urar kanta tana iya kuskuren ɗigo biyu ko uku, kuma a fata mai duhu kuskuren ya fi karkata zuwa sama, sai ki ga 90 ɗin da ke kan allo ta yiwu 87 ce a jini. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 90% a matsayin iyakar da ake sa wa yaro oksijin idan ya gaza ta. Ba maki casa'in ba ne na jarrabawa.

Amma babbar matsalar ba a nan take ba. Tana wurin 98% ɗin da ke kwantar wa kowa da hankali. Tun bayan korona oksimita ta cika gari, kowane kemis yana da ita a aljihun tebur. A maƙala wa mutum a yatsa, a ce "oksijin ɗinka 98, ba abin da ke damunka", a ƙulla masa maganin ƙarin jini na kwalba a leda, ya tafi gida. Abin takaicin, har a ɗakin jinya ana jin irin wannan magana daga bakin waɗanda suka zauna a aji suka ga silayid ɗin nan. Koma ki karanta abin da aka rubuta a gefen hagu na zanen. Kashi cikin ɗari aka rubuta. Ba a rubuta yawa ba.

Kowane himoglobin kamar tasi ne mai kujera huɗu. Abin da oksimita ke faɗa miki shi ne kashi nawa na kujerun aka cike. Ba ta ƙirga motocin da ke tasha. In motoci biyar ne kacal suka rage, kowacce ta cika maƙil, za ta ce miki 98, alhali gari guda yana jiran fasinjan da motoci goma sha biyar ya kamata su kawo.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ya kamata ki iya shi a bayan kati:

```
CaO2 = (1.34 × Hb × SaO2) + (0.003 × PaO2)
```

CaO2 shi ne yawan oksijin da ke cikin jini, Hb himoglobin, SaO2 kuma cikar himoglobin, a rubuta 85% a matsayin 0.85. Ɓangare na biyu na lissafin oksijin ne da ya narke a ruwan jini, bai fi 0.3 ba a iskar ɗaki, ki ajiye shi gefe. Ga gado biyu. A na farko magidanci ne mai namoniya, Hb ɗinsa 15, oksimita ta nuna 85%. Lissafi ya ba da wajen mililita 17 na oksijin a kowace desilita ta jini. A na biyu yarinya ce 'yar shekara uku, kwana huɗu tana zazzaɓin cizon sauro, Hb 5, PCV wajen 15, oksimita ta nuna 98%. Nata bai kai mililita 7 ba. Lafiyayyen mutum yana da wajen 20. Na'urar magidancin ce za ta yi ta ƙara, kowa ya ruga can, kuma lallai yana buƙatar oksijin. Amma yarinyar da na'urarta ta yi shiru ko rabin abin da yake da shi ba ta da shi. Ita jini take buƙata, da gaggawa, tare da maganin maleriya na allura. Ko an sa mata oksijin, kujerun sun riga sun cika, abin da zai ƙaru kaɗan ne. Abin da zai tona miki asirin yana gabanki: buɗe tafin hannunta, ja fatar idonta ƙasa, ki ga fari fat. Ƙirga bugun zuciya, ki saurari numfashin nan mai zurfi. Kada ki jira leɓe ya yi shuɗi, don shuɗin yana buƙatar himoglobin mai yawa da ya rabu da oksijin, ita kuwa duka-duka nata biyar ne. Haka abin yake ga mai sikila, haka ga matar da ta zubar da jini bayan haihuwa.

Sai hali na biyu, inda kujerun suka cika amma ba da fasinjan kirki ba. Janareta a soro ko a lungun baranda, ko kaskon gawayi a ɗaki a rufe lokacin hunturu. Kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙinsu, yana kama himoglobin fiye da yadda oksijin ke yi sau ɗari biyu da wani abu. Oksimita ta yau da kullum haske kala biyu take amfani da shi, ja da wanda ido ba ya gani, kuma ba ta iya bambanta wannan da wancan, sai ta nuna 97 ko 99. Ƙari a kan haka, gubar tana tura lanƙwasar hagu, ɗan oksijin ɗin da ya samu kujera ma ya ƙi sauka a tsoka. Idan aka kawo miki mutum uku daga gida ɗaya da asuba, duk da ciwon kai, jiri da amai, ki tambayi inda aka kwana da janareta kafin kowa ya ce abinci ne ko iska. Ana ba su oksijin mafi ƙarfi da takunkumi mai jaka, ko me allon ya nuna. A iskar ɗaki sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ya fita, da tsantsar oksijin kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci.

Kafin ki rubuta kowace lamba a kati, ki tabbata bugun da na'urar ta nuna ya yi daidai da wanda kika ƙirga a wuyan hannu. In yatsa ya yi sanyi ki ɗumama shi, in akwai jan farce ko baƙin lalle ki canja yatsa ko ki koma na ƙafa, ki bar lambar ta tsaya wuri ɗaya. Sannan ki rubuta SpO2 ɗin, wato lambar da oksimita ta nuna, ki rubuta ko a iskar ɗaki aka auna ko da oksijin lita nawa, kusa da ita kuma ki sa PCV na ƙarshe da ranar da aka yi shi. In ba a yi ba, ki nemi a yi kafin a gama zagayen safe.