Jinina B negatif, maigidana O fozitif: zai iya ba ni jini ranar haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da ciki na biyu, wata bakwai, a wajen awo an ce jinina ya yi ƙasa mu tanadi mai bayarwa ko da za a buƙata. Ni B negatif ce, maigidana O fozitif, kowa cewa yake mu kwantar da hankali ai mai O yana ba kowa. Haihuwar fari lafiya lau na yi amma ban tuna an min wata allura ba. Wallahi tsoro nake ji, dan Allah a min bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada a saka miki jinin maigidanki. Ki riƙe wannan tukuna, sauran bayanin zai biyo baya, kuma ki kwantar da hankalinki don kin yi tambayar a daidai lokacin da ake iya yin wani abu.

Jinin da ya dace da ke kala biyu ne, B negatif, in babu shi sai O negatif. Dalilin yana cikin ruwan jininki, wato filasma. Duk mutum yana ɗauke da antibodi, wato sojojin garkuwar jiki, masu yaƙar harafin da ba shi da shi: ke mai B kina da anti-A, mai A yana da anti-B, mai O yana da duka biyun, mai AB ba shi da ko ɗaya. Waɗannan ba sai an taɓa yi wa mutum ƙarin jini ba, tun jariri yana wata uku zuwa shida suke fara fitowa da kansu, shi ya sa in aka yi kuskure aka ɗaura miki A ko AB a take jikinki zai hau farfasa ƙwayoyin, tun ledar ba ta yi nisa ba. Jajayen ƙwayoyin mai O ba su da A ba su da B, babu abin da anti-A ɗinki zai kama a jikinsu. Nan ne asalin maganar "O yana ba kowa", kuma iya nan gaskiyarta ta tsaya.

Wannan magana kullum sai na ji ta, kuma wallahi ta ishe ni, saboda rabin karatu ce. An haddace harafin an watsar da alamar da ke gefensa. Fozitif ɗin nan na maigidanki yana nufin ƙwayoyin jininsa na ɗauke da wani abu da ake kira D, ke kuma negatif, ba ki da shi. Shi D halinsa daban ne da A da B. Ba a tashi da anti-D a jiki, sai jinin fozitif ya shiga jikin mai negatif sannan jikin ya koyi yin sa, kuma koyon yana ɗaukar makonni har watanni. To kin ga inda yaudarar take. A ɗauki jininki da nasa a kai lab a haɗa, in ba ki riga kin yi anti-D ba sakamako zai iya fitowa tas, a ce sun dace. A ɗaura miki, babu zazzaɓi babu komai, ki tashi garau, dangi su ce ai ga shi nan mun faɗa, likitoci ne da son tsorata mutane. Bayan wata biyu ko uku mai yiwuwa jikinki ya gama haɗa anti-D, kuma in ya haɗa shi ke nan, ya zauna har ƙarshen rayuwa, babu allura babu maganin da ke wanke shi.

Wanda zai ɗanɗana kuɗarsa shi ne ɗan da za ki ɗauka nan gaba. Anti-A da anti-B yawancinsu nau'in IgM ne, manya ne, ba sa iya ratsa mabiyiya. Anti-D kuwa IgG ne, ƙarami, yana wucewa ya shiga jinin jariri, in jaririn ya gado fozitif daga babansa sai ya dinga cinye masa jajayen ƙwayoyi tun yana ciki. Mai sauƙin shi ne a haife shi shawara ta kama shi tun ranar farko, ido da jiki su yi ɗorawa, in ta yi yawa ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ji. Mai tsananin kuma jini ya ƙare masa a ciki, zuciya ta gaza, ruwa ya taru masa a ciki da ƙirji da ƙarƙashin fata, a haife shi a kumbure suntum ko ya koma tun kafin lokaci. Sai ka ga mace ta haifi na fari lafiya, na biyu shawara, na uku da na huɗu babu rai, ana ta yawo da ita ana cewa iska ce ko sammu ko jifa, alhali katin rukunin jininta yana cikin jaka ba wanda ya duba.

Bari in sa miki lissafi ki gani. Jinin jariri da ke ɗan tsallakawa jikin uwa lokacin haihuwa sau da yawa bai fi 'yan ɗigo ba, kuma ƙasa da mililita 1 ma yana iya tayar da anti-D. Allurar anti-D da ake yi wa mai negatif don hana jikinta koyon yin nasa, mai maikirogiram 300, tana iya share kusan mililita 30 na jinin fozitif. Leda ɗaya ta jini kusan mililita 450 ce, ninki goma sha biyar kenan na abin da allura ɗaya za ta iya. Saboda haka wanda ya ce miki a saka nasa ɗin kawai daga baya a yi allura, bai san abin da yake faɗa ba.

Akwai kuma matsala ta biyu da masu "O yana ba kowa" ba sa sani. Ƙwayoyin mai O ne ba su da harafi, amma ruwan jininsa cike yake da anti-A da anti-B. Inda ake da injin raba jini ana cire mafi yawan ruwan a ba da ƙwayoyin zalla. Inda kuwa ake ɗiba a ɗaura shi sukutum yadda ya fito, anti-B ɗinsa zai shiga ya tarar da ƙwayoyinki na B, kuma in mai bayarwar na da su da yawa za su iya farfasa naki. Shi ya sa a ƙarin filasma dokar juyewa take, na mai AB ne ke shiga kowa, na mai O sai mai O.

Ko da a ce maigidanki B negatif ne irinki sak, ni dai ba zan so a ba ki nasa ba matuƙar kina sa ran ƙara haihuwa. Bayan A da B da D akwai wasu alamomi da dama a jikin ƙwayar jini, irin su Kell, wanda shi ma yana iya illata jariri sosai, kuma duk abin da yake da shi ke ba ki da shi 'ya'yanku na iya gada. Ba ki jininsa koya wa jikinki yaƙar 'ya'yansa ne. In yana son taimakawa, madalla, ya je ya bayar a ajiye wa wani mai O fozitif, ke kuma a nemo miki naki. Abu ɗaya ne kawai ke karya wannan doka: jini ya ɓalle, rai na hannun Allah, an nemi negatif an rasa. A nan likita zai saka fozitif kuma daidai ya yi, don sai uwa ta rayu ake maganar ciki na gaba. Amma wannan hukuncin gaggawa ne, ba abin da ake tsarawa tun wata biyu kafin haihuwa ba.

Yanzu abin da za ki yi a satin nan. Ki koma wajen awo ki ce a miki gwajin antibodi, a takarda za ki ga an rubuta indirect Coombs test. Shi zai nuna ko haihuwar fari ta riga ta sa jikinki ya yi anti-D. Lafiyar ɗan fari ba hujja ba ce, kusan kullum na fari tsira yake, don a lokacin haihuwarsa ne jinin ke haɗuwa. Mai yiwuwa ma shi negatif ne, don in maigidanki ya gaji fozitif daga ɓangare ɗaya ne kawai, kowane ciki rabi da rabi ne. A ɗebi jinin gwajin kafin a miki allura, in aka yi allurar tukuna ita kanta za ta fito a gwajin ta rikita sakamako.

In gwajin ya nuna babu antibodi, alhamdulillah, a miki allurar anti-D yanzu, don a sati na 28 ake yin ta kuma kina daidai wurin. Ranar haihuwa a ɗebi jinin cibiya a duba rukunin jariri, in fozitif ne a sake miki wata cikin awa 72. Ki faɗa wa maigida da wadda za ta zauna da ke tun yanzu, saboda ranar ke ba ta wannan za ki yi ba, kuma an sha sallamar mace ba wanda ya tuna. Haka nan duk lokacin da aka yi ɓari, ko zubar jini da ciki, ko kika faɗi a kan cikin, ana buƙatarta, kuma kowane ciki da tasa. Allurar a firji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda aka ciro daga kanta ko aljihun wani mai kemis kada ki yarda da ita. Tun 1968 ake da allurar nan a duniya, abin takaici ne a ce har yau ana rasa jarirai saboda ba a duba alama ɗaya a kati ba.

In kuma gwajin ya nuna akwai anti-D, allurar ba ta da sauran amfani, kada wani ya karɓi kuɗinku a kanta. Abin da ake yi shi ne a mayar da awonki babban asibiti, a dinga auna yawan antibodin, a dinga hoton ciki na musamman da ke duba gudun jini a cikin kan jariri don a gane ko jininsa na raguwa, a shirya haihuwa inda akwai fitilar shawara da halin canza wa jariri jini. Ana samun lafiya sosai in an sani da wuri.

Maganar tanadin jini kuma kada ku bari sai naƙuda ta tashi, masu negatif ba su da yawa, a sanar da ma'ajiyar jinin asibitin tun yanzu. Ki dage da maganin ƙarin jinin da aka rubuta miki a kuma binciki abin da ya sa ya yi ƙasa, wata biyu na iya ɗaga shi har a wuce ba a buƙaci leda ba. In har ta kai ga ƙarin, kafin a ɗaura ki sa a karanta miki abin da ke jikin ledar, sunanki da rukuni da alamar negatif, don yawancin mummunan kuskuren ƙarin jini musayar leda ko kwalbar gwaji ke jawo shi. Minti 15 na farko nas ta kasance kusa. Rawar ɗari, zazzaɓi, ciwon baya wajen ƙugu, ƙirji ya riƙe, zafi a hannun da aka sa allurar, ko fitsari ya koma ja ko baƙi-baƙi, ko ɗaya kika ji ki yi magana a tsayar nan take, kada ki daure, kada kuma wani ya ce miki jinin ne ke bin jiki a bari ledar ta ƙare tunda an sha wahala kafin a same ta. Allah Ya sauke ki lafiya.